Baƙaƙen Tsaki da 'Yan Rakiyarsu

A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Afirka ta Kudu ta sauya wa birnin Port Elizabeth suna, ya koma Gqeberha. Masu karanta labarai a gidajen rediyo da talabijin sun sha fama da sunan nan. Bahaushe kuwa da sauƙinsa, domin rabin aikin yana bakinsa tun yana yaro. Harafin b da ke tsakiyar sunan ɓ ne irin na "ɓera", rh kuma sautin خ ne da duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya sani. Abin da ya rage shi ne gq na farko, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Haruffan biyu ne, amma baƙi ɗaya suke wakilta a harshen Xhosa. Harafin q yana faɗin irin tsakin da harshe ya yi a gaban baki. Harafin g yana faɗin abin da maƙogwaro yake yi a daidai wannan lokacin. Na farkon ko yaro zai kwaikwaya cikin yini guda. Na biyun, wanda masana furuci ke kira ɗan rakiya, shi ne ke ɗaukar ɗaliban jami'a watanni kafin kunnensu ya kama shi, balle hannunsu ya rubuta shi daidai.

A ƙasar Hausa tsaki alamar raini ce ko takaici, kuma yaron da ya ja shi gaban babba ya san sauran. A kudancin Afirka kuwa irin wannan sauti baƙi ne kamar b da d, ana gina kalmar ruwa da wuta da suna da shi. Akwai shi a harsunan Khoekhoe da Juǀʼhoan da Taa na Namibiya da Botswana, da Xhosa da Zulu waɗanda suka same shi ta hanyar zama da auratayya da mutanen Khoe da San. A Tanzaniya akwai Sandawe da Hadza. A gaɓar tekun Kenya akwai Dahalo, wanda ɗan'uwan Hausa ne na nesa a cikin babban gidan harsunan Afro-Asiya, ko da yake kalmomi kaɗan ne ke ɗauke da tsaki a cikinsa. Wanda ya kalli fim ɗin nan na 1980, The Gods Must Be Crazy, ya riga ya ji Juǀʼhoan daga bakin Nǃxau.

Yawancin sautukan magana da iskar huhu ake yin su. Hausa tana da wata hanya ta biyu, wato zirin iska na maƙwallato: a tura maƙwallato sama a sami tunzuɗau irin su ƙ da ts, a ja shi ƙasa a sami haɗiyau irin su ɓ da ɗ. Tsaki hanya ce ta uku, kuma harshe kaɗai ke yin ta.

Mai magana yana rufe baki a wuri biyu lokaci guda. Bayan harshe yana ɗagawa ya manne wa hanɗa ko beli, kamar za a ce k. Gaban harshe, ko leɓɓa, su ma su rufe. 'Yar iska kaɗan ta maƙale a tsakanin ƙofofin biyu. Sai tsakiyar harshe ta lotsa ƙasa alhali ƙofofin suna nan a rufe, wurin ya ƙara faɗi, iskar da ke ciki ta yi sanyin ƙarfi idan aka kwatanta da ta waje. Haka wanzami yake yi da ƙaho: ya zuƙe iskar ciki, ya toshe, ƙahon ya kama fata, in an ɓamɓare shi a ji ƙara. Da zarar ƙofar gaba ta buɗe, iskar waje ta faɗa ciki da ƙarfi, wannan ƙarar ita ce tsakin. Ƙofar baya ce ke buɗewa daga ƙarshe. Idan ta riga ta gaba buɗewa, ba za a ji komai ba, kuma wannan ne kuskuren da masu koyo suka fi yi a makon farko.

Wurin da ƙofar gaba take da yadda aka buɗe ta su ke raba tsaki gida biyar. Alamar ʘ ta leɓɓa ce, kuma harsuna ƙalilan ne ke da ita, irin su Taa da Nǀuu. Alamar ǀ ta tsinin harshe ce a bayan haƙoran sama. Alamar ǁ tana nufin an saki iskar ta gefen harshe, kamar yadda ake yi wa doki ko jaki don ya ɗaga ƙafa. Waɗannan ukun suna fita da ɗan shuu, domin a hankali ƙofar ke buɗewa. Sauran biyun farat ɗaya suke fashewa. A wajen ǃ tsinin harshe yana kan hanƙa, ramin da ke bayansa babba ne, shi ya sa ƙararsa take da kauri da zurfi. A wajen ǂ kuwa harshe yana shimfiɗe ne a kan ganɗa, ramin ƙarami, ƙarar siririya mai kaifi. Ƙungiyar masana furuci ta duniya ta amince da waɗannan alamomi a taronta na birnin Kiel a 1989, ta ajiye tsofaffin da take amfani da su, wato ʇ da ʗ da ʖ. Masu rubuta Xhosa da Zulu ba su bi ta nan ba: c suke sa wa ǀ, q ga ǃ, x ga ǁ.

To, tunda duk wannan aiki a gaban ƙofar baya yake faruwa, abin da ke bayanta ba ruwansa. Huhu yana nan da iskarsa, tantanin maƙwallato yana iya kaɗawa ko ya rufe, hanyar hanci tana iya zama a buɗe. Kowa zai iya gwada wannan a ɗaki: ya riƙe sautin n na ƙarshen kalmar "can", ya ja shi ta hanci ba tsayawa, sannan ya riƙa yin tsaki a kai. Gunjin ba zai katse ba. Abin da ya fito shi ne tsaki ɗan hanci, cikakken baƙi a harsuna da dama. D. M. Beach, wanda ya wallafa nazarin furucin harshen Nama a 1938, ya riga ya raba baƙin gida biyu, shigar iska da fitarta. Peter Ladefoged da Anthony Traill ne suka yaɗa kiran kashi na biyun da sunan rakiya, musamman a maƙalarsu ta 1994.

Ƙa'idar rubutun ba ta da wuya a faɗe. Ana sa alamar tsaki, a haɗa ta da harafin da ke nuna halin ƙofar baya: kǃ idan babu ziza, ɡǃ idan akwai, ŋǃ idan iska na bi ta hanci. Da yawa suna ɗaga harafin sama su ƙanƙanta shi, ᵏǃ da ᶢǃ da ᵑǃ, don mai karatu ya gane ba sautuka biyu ne a jere ba. Abin da ya biyo bayan fashewar ana rubuta shi a dama: ʰ don hucin iska, ˀ don hamza, χ don karta irin ta خ, ʼ don tunzuɗa. A kan wannan tsari, farkon kalmar Xhosa kanta kǁʰ ne, tsakin gefe mai huci.

Harshen Khoekhoe, wanda Nama da Damara ke yi a Namibiya, wuri ne mai kyau na ganin yadda ake aikin, domin lissafinsa a fili yake: tsaki iri 4, rakiya iri 5, baƙaƙe 20. A ɗauka an ba ɗaliba faifan muryar wani mai harshen yana ƙirga, yana kuma faɗin wasu kalmomi, tare da takardar da aka rubuta su da rubutun yau da kullum.

Kalmar farko ǀgui, ɗaya. Ta biyu ǀgam, biyu. Ido yana ganin g, hannu ya yi saurin rubuta ɡǀ. Ɗalibar da ta ƙware ba ta yarda da ido. Za ta buɗe faifan a manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, ta duba abin da ke gaban dogon layin fashewar. Da a ce tsakin mai ziza ne, da an ga wani baƙin zare kwance a ƙasan hoton sautin kafin fashewa, alamar tantanin maƙwallato yana kaɗawa baki a rufe. A nan wurin fari ne tas. Bayan fashewar kuma wasali ya kama nan take, babu tazara. Wannan shi ne tsaki tsura, marar ziza marar huci, kuma kǀ za ta rubuta. Harshen ma gaba ɗaya ba ya bambanta k da g ta hanyar ziza. Harafin g ɗin al'adar rubutu ce kawai.

Na uku ǃnona ne, kuma ba ya ba da wahala. Gunjin hanci yana farawa tun kafin fashewa, ya ratsa ta, ya shiga wasali. Ko da yake n a bayan alamar tsakin aka rubuta shi, a kunne shi ke fara zuwa. Za ta rubuta ŋǃ. Mai shakka ya toshe hancinsa ya gwada faɗin kalmar, zai ji ta shaƙe.

Takwas shi ne ǁkhaisa. Bayan fashewar gefe ana jin ƙofar baya ta buɗe da karta da huci kafin wasali ya iso. Wani mai magana kartar tasa tana da ƙarfi har ta kai خ sosai, wani kuma huci ne kawai ya fi fitowa, shi ya sa ake samun kǁʰ a wani littafi, ǁχ a wani. Ɗaliba ta gari tana rubuta abin da wannan bakin ya furta a wannan faifan, ta ajiye bayani a gefe cewa baƙin ɗaya ne.

Sauran rakiya biyun su ne masu kayar da gwanaye.

Kalmar ǀons tana nufin suna. A takarda babu komai tsakanin alamar tsaki da wasali, don haka baƙo zai ɗauka wannan ne tsaki tsura. Ba shi ba ne. A hoton sautin, bayan fashewa akwai ɗan shiru, sannan wasali ya faso da ƙarfi, irin yadda yake fasowa a gaɓa ta biyu ta "sa'a". Hamza ce: tantanin maƙwallato a rufe yake lokacin da aka yi tsakin, sai daga baya ya buɗe. Har ila yau ba a jin ƙarar buɗewar ƙofar baya sam. Dalili kuwa shi ne hanyar hanci a buɗe take, don haka babu iskar da ta taru a bayan harshe da za ta yi ƙara in an sake ta. Ta yaya za a tabbatar da buɗewar hancin da ba a ji? Sai a sa kalmar bayan wasali. Idan mai harshen ya ce "ti ǀons", wato sunana, ana jin ɗan gunjin hanci ya ɓullo tsakanin i da tsakin. Saboda haka a farkon magana ana rubuta ŋ̊ǀˀ, da ɗan zobe a kan ŋ mai nuna babu ziza, a tsakiyar magana kuma zoben yakan faɗi. Sunan da masu wannan harshe ke kiran birnin Windhoek, ǀAeǁgams, yana ɗauke da tarkon biyu a jere: na farko mai hamza ne ba a rubuta hamzar ba, na biyu tsura ne an maƙala masa g.

Sai ǃhūb, ƙasa. A nan ma akwai huci, amma ba irin na ǁkhaisa ba. Na ǁkhaisa da ƙarfi yake farawa sannan ya lafa, domin iskar huhu ta taru a bayan harshe tana jiran a buɗe mata. Na ǃhūb a hankali yake farawa, kusan da shiru, ya riƙa ƙaruwa har ya shiga wasali, kuma ya fi tsawo. Abin da ke faruwa shi ne iskar tana sulalewa ta hanci ba tare da ziza ba yayin da baki yake rufe, don haka in bayan harshe ya sauka babu abin da zai fashe. Masana suna kiran wannan jinkirtaccen huci, suna rubuta shi ŋ̊ǃʰ. Shi ma in ya biyo bayan wasali hancinsa yakan fito fili. Traill ya auna iskar hanci a harshen Taa ya tarar cewa a irin wannan baƙi masu harshen har shaƙar iska suke yi ciki ta hanci, abin da ba a saba gani ba a sautukan magana.

Akwai kuma tarkon wasali. Gaisuwar "ǃgâi tsēs" tana farawa da tsaki tsura, amma wasalin da ke biye ɗan hanci ne, abin da 'yar hular da ke kan â take nunawa ke nan. Kunnen da bai saba ba yakan kwaso hancin wasalin ya ɗora wa baƙin, ya rubuta ŋǃ. Maganin shi ne a duba lokaci: in gunjin ya riga fashewa, na baƙi ne, in sai bayanta ya fara, na wasali ne.

Irin wannan duba ne ya nuna cewa gq na Xhosa ma ba mai ziza ba ne yadda haruffan ke nunawa. Awon da aka yi ya nuna zizar da ke cikin rufewar kaɗan ce, wani lokaci ma babu. Abin da kunne ke kamawa shi ne wasalin da ke biye yana farawa da sassauƙar murya da karin sauti na ƙasa. Wanda ya tashi da bambanta kalmomi ta hawa da saukar murya, kamar Bahaushe, yana saurin jin wannan fiye da wanda harshensa ba shi da karin sauti.

Khoekhoe mai sauƙi ne in aka kwatanta da maƙwabtansa. Juǀʼhoan yana da baƙaƙen tsaki 48, wato iri 4 sau rakiya 12. A Taa, Traill ya ƙirga sama da 80. A irin waɗannan harsuna ne ake samun ǃq, inda bayan fashewar gaba ake jin fashewa ta biyu a wajen beli, mai kama da ق. Nan ne kuma dole a raba ǃˀ da ǃqʼ. Na farko shiru ne ke biyo bayan tsakin, kamar yadda aka gani a ǀons. Na biyu tunzuɗa ce ta gaske, maƙwallato ya hau sama ya matse iska, ƙofar baya ta fashe da kaifi kamar ƙ. Tsofaffin rubuce-rubuce da yawa sun sa wa duka biyun alama ɗaya, kuma mai karanta su yau sai ya yi hattara. Ga mai jin Hausa bambancin bai fi na hamzar "sa'a" da ƙ na "saƙa" ba.

An daɗe ana koyar da cewa bambancin kǃ da ǃq na wuri ne: ɗaya a hanɗa ake rufe ƙofar baya, ɗaya a beli. Amanda Miller da abokan aikinta sun gwada wannan a kan Nǀuu, harshen da a lokacin masu jin sa 'yan tsiraru ne suka rage a yankin Upington na Afirka ta Kudu. Sun ɗora na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, a ƙarƙashin haɓar masu magana, suka ga motsin harshe kai tsaye. Sakamakon da suka wallafa a 2009 ya nuna cewa wurin ƙofar baya ya fi bin irin tsakin. Bambancin kǃ da ǃq kuwa na lokaci ne. A ɗaya ƙofar baya tana buɗewa kusan tare da ta gaba, ƙarar tsakin ta haɗiye tata. A ɗayan tana jinkiri har a ji ta daban. Wannan ya sa wasu masana suka daina rubuta k gaba ɗaya a tsaki tsura, suna barin ǃ ita kaɗai.

Daga nan wata muhawara ta taso wadda har yau ba a rufe ta ba. Idan ana jin q daban bayan tsakin, me zai hana a ce baƙaƙe biyu ne a jere? Hirosi Nakagawa, wanda ya yi aiki a kan harshen Gǀui na Botswana, yana cikin masu wannan ra'ayi. In aka bi shi, yawan baƙaƙen tsaki na Taa yana raguwa ƙwarai, harshen ya daina zama abin al'ajabi a lissafi. Masu ja da haka suna cewa waɗannan harsuna ba sa jera baƙaƙe a wani wuri, don haka ba dalilin ƙirƙiro musu jeri a nan kaɗai. Abin da ya shafi ɗalibi shi ne rubutu ɗaya yana iya nufin abu biyu a littattafai biyu. Wanda ya kwafi kalma daga Traill ya ajiye ta kusa da wadda ya kwafa daga Miller ba tare da daidaita tsarinsu ba, zai ƙirƙiro bambancin da babu shi a bakin mutane. Shi ya sa malaman kirki ke tilasta wa ɗalibi ya bayyana tsarin da ya bi a shafin farko na aikinsa, kuma suna da gaskiya.

Ba kullum ake samun na'ura a ƙauye ba, kuma tsofaffin dabaru suna nan da amfaninsu. Yatsa a kan maƙogwaro yana gaya wa mutum ko akwai ziza. Ƙaramin madubi a ƙarƙashin hanci yana yin raɓa in iska ta fita ta nan. Don gane inda harshe ya taɓa, ana kwaɓa garin gawayi da man zaitun a shafa wa harshen mai magana, ya faɗi kalmar sau ɗaya, a sa madubi a bakinsa a ɗauki hoton tabon da ya bari a sama. Tabon ǃ siriri ne, ya zagaye wani fili babba da harshe bai taɓa ba. Na ǂ faffaɗa ne, filin da ya rage a tsakiya ɗan ƙarami.

Ko bayan kunne ya gama nasa, madannin kwamfuta yana da nasa tarkon. Alamar ǃ ta tsaki ba alamar motsin rai ba ce, lambarta U+01C3. Haka ǀ, mai lamba U+01C0, ba ƙaramin l ba ne, ba kuma babban I ba. A allo kamanninsu ɗaya, amma manhaja tana ɗaukar alamar motsin rai a matsayin ƙarshen jimla, ta yanke kalma, ta ɓata jerin ƙamus. Ɗalibin da ya cakuɗa su a kundinsa, in ya nemi duk kalmomin da suka fara da ǃ, wani kashi ne kawai zai fito masa, kuma lissafin da zai gina a kai zai tashi da giɓi.